Kafin ka sayi batirin sola: abin da masu gyara suka ce

Na tambayi masu haɗa sola a kasuwa, ga abin da na tsinta.

Wat da wat-awa ɗaya ne? A'a. Wat ƙarfin da na'ura ke ja ne a lokacin, wat-awa kuwa jimillar abin da ta sha. Fanka mai wat 60 in ta yi awa biyar, ta sha wat-awa 300.

To 100Ah da ke jikin batiri fa? Nan mutane ke ruɗewa. Bolt kamar matsin ruwa ne a bututu, amfiya kuma yawan ruwan da ke gudana. Ah kuwa amfiya-awa ne, wato amfiya sau awa. Ninka bolt da amfiya-awa: 12V sau 100Ah, wat-awa 1,200. Amma batirin ruwa, in ka zuƙe fiye da rabinsa kullum, ba zai daɗe ba. Lissafa da 600 kawai. Fankar nan awa goma ke nan, amma inbata, na'urar da ke juya wutar batiri zuwa irin ta gida, ita ma tana cin nata.