Daga koyarwa zuwa horar da ma'aikata, me zan rubuta wa mai ɗaukar aiki?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Shekara 8 ina koyarwa a sakandare, yanzu na ga wani kamfani ya tallata gurbin jami'in horar da ma'aikata kuma sunan matar da ke ɗaukar aikin yana jikin tallar. Ina so in tura mata saƙo a LinkedIn kafin in cike fom. Ga abin da na rubuta: "Barka da aiki Hajiya. Duk da cewa ban taɓa aiki a kamfani ba, ni malama ce mai ƙwazo da haƙuri da iya zama da mutane, na gaji da koyarwa ina neman canji, don Allah a ba ni dama." Ku duba min.

Ɗan'auta: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa a dace

Bashir: Ki cire "na gaji" ɗin nan kafin komai

Anti Bilki: Hadiza ƙanwata, na daɗe ina tace masu neman aiki, bari in faɗa miki abin da zan gani da ni kika turo wa. Jimlar farko kin sanar da ni abin da ba ki da shi, ta biyu kin lissafo halayen da kowa ke cewa yana da su, ta uku kin ce kin gaji. Har na gama ban san wane gurbi kike so ba, kuma mai ɗaukar aiki sau da yawa ba gurbi ɗaya ne a hannunta ba. Sannan ki sani ba ita ce mai yanke hukuncin ƙarshe ba, akwai manajan sashen da zai yi aiki da ke, shi za ta kai wa sunanki kuma zai tambaye ta me ya sa ta kawo masa malamar makaranta. Amsar wannan tambayar ce ya kamata saƙonki ya saka mata a baki. Turo min abin da tallar ta ce suna nema.

Malama Hadiza: Anti sun ce wanda zai tsara horo ga sabbin ma'aikata, ya shirya kayan koyarwa, ya auna ko horon ya yi amfani, ya iya Excel da PowerPoint. Sun ce an fi son mai shekara 3 a irin aikin

Kawu Isa: Ni dai shawarata kar ki ajiye aiki sai kin ga takardar ɗauka a hannu. Kuma ki ba su notis yadda yarjejeniyarku ta ce, a rabu lafiya

Bashir: Kawu ba takardar ajiye aiki take tambaya ba fa 😂

Kawu Isa: To ai duk can za a je ɗana

Anti Bilki: Yauwa. A cikin shekara 8 ɗin nan kin taɓa koyar da manya? Ba ɗalibai ba, manya irinki

Malama Hadiza: Eh to, da makaranta ta koma shigar da sakamako a kwamfuta ni na koya wa malamai 14, na yi musu ɗan littafin jagora mai shafi shida, kuma duk sabon malami ni ake haɗa shi da ni a zangon farko. Amma ban ɗauki wannan a bakin komai ba

Anti Bilki: To shi ne komai ɗin. Abin da suka tallata kenan, sunan ne kawai ya bambanta. Bayan horon me ya canza?

Malama Hadiza: Da sai mu yi sati biyu muna haɗa sakamako, bayan nan kwana huɗu mun gama

Yaya Sani: Bari in sa baki don abin nan ya taɓa cina. Ni kashiya ne a banki na tsawon shekaru, na so komawa sashen kula da kwastomomi a wani kamfani, na rubuta wa wani ejan ɗaukar ma'aikata saƙo na fara da cewa ni kashiya ne mai shekara kaza, sai can ƙasa na faɗi abin da nake nema. Bawan Allah nan bai karanta ƙasan ba, ya ga kalmar kashiya ya jefa ni a jerin kashiyoyi, duk kiran da zai min aikin kanta ne, in ce masa ba shi nake so ba ya ce to ai shi ka iya. Da daga baya ya haɗa ni intabiyu a inda nake so, ina zama manajan ya ce an gaya masa matsin banki ne ya kore ni, anya zan iya da kwastoman da ke zagi a waya? Ashe ɗan ƙorafin da na yi wa ejan ɗin a waya muna hira shi ya kwasa ya kai. Ranar duk amsoshina kare kai ne, ban samu na faɗi cewa ni ake turo wa duk wanda kuɗinsa ya maƙale yana faɗa a kanta ba, alhali aikin kenan. Don haka Malama duk abin da kika faɗa wa mai ɗaukar aiki ki ɗauka manajan kika faɗa wa. Kuma sunan gurbin da kike so ya riga sunan tsohon aikinki fitowa a saƙon.

Ɗan'auta: Kai Yaya, Allah ya isa dai. Ejan ɗin nan wasu sai a hankali

Maman Ilham: Ba duka ba Auta, wadda ta samo min nawa har gyaran sibi ta yi min

Bashir: Malama abu mai sauƙi, ki kwafe kalmomin tallar ki zuba a saƙon. Kwamfuta ce ke tacewa, in ba ta ga kalmomin ba ba wanda zai gan ki

Anti Bilki: Bashir rabin maganarka gaskiya ne. A fom da sibi kalmomin talla suna da amfani don da su ake bincike a manhajar ɗaukar ma'aikata. Amma saƙon da ta tura kai tsaye mutum ne zai buɗe, in na ga an kwafo min tallata an maido min nan take nake ganewa. Ta ɗauki kalma biyu ko uku ta ɗaura kowacce a kan abin da ta yi da hannunta. Hadiza ga yadda zan rubuta, sai ki mayar da shi yaren da aka yi tallar:

"Barka da aiki Hajiya. Ina tuntuɓarki kan gurbin jami'in horar da ma'aikata da kuka tallata. A shekara 8 da na yi ina koyarwa, na tsara horo ga malamai 14 kan shigar da sakamako a kwamfuta tare da littafin jagora, aikin ya sauko daga sati biyu zuwa kwana huɗu, kuma ni ke horar da sabbin malamai a zangonsu na farko. Horar da manya shi ne ɓangaren da nake so ya zama cikakken aikina, shi ya sa nake neman wannan gurbin. Zan iya turo miki sibi, ko mu yi magana ta minti goma a satin nan?"

Ki lura dalilin canjin jimla ɗaya ce kuma tana kallon inda za ki, ba ta taɓa makarantarku ba. Haƙuri da ƙwazo ban rubuta su ba, wanda ya karanta malamai 14 zai gano da kansa.

Malama Hadiza: Masha Allah Anti, kamar ba ni ba. Amma ya ƙi shiga, LinkedIn ya ce ya yi yawa

Bashir: Wajen Add a note kika saka ko? Can ba ya wuce haruffa 300, wani akawun ma bai kai haka ba. Ki sa jimla biyu kawai, in ta karɓi gayyatar haɗuwarku sai ki tura cikakken, ko ki nemi imel ɗinta

Anti Bilki: Haka ne. Sunan gurbin da maganar malamai 14, shi kenan

Kawu Isa: Ni abin da ban gane ba, babu gaisuwa? Barka da aiki kawai? Ba a tambayi iyali ba ba komai, mace babba?

Maman Ilham: Kawu so kake ta tambayi har kaji 😂

Kawu Isa: Ku yi ta dariya, ladabi bai taɓa hana mutum aiki ba

Ɗan'auta: Ni da foyis zan tura mata wallahi, a ji muryata

Maman Ilham: Kar ka soma. Ba za ta iya tura wa manaja foyis ɗinka ba, kuma a ofis wa zai tsaya saurare

Yaya Sani: Anti ni inda ban yarda ba shi ne shirun da aka yi kan shekara 3 ɗin. Ai za ta ga ba ta da su, gara ta faɗa da kanta ta nuna ba ɓoyewa take ba

Anti Bilki: Ba ta ɓoye ba Sani, ta ce koyarwa take, kowa ya gane. Kuma Hadiza ta ce sun rubuta an fi so, ba su rubuta dole ba. Inda dole ne, kamar lasisin aikin jinya ko shaidar akanta da doka ta wajabta, babu saƙon da zai maye gurbinsa komai kyansa, can ba na ba kowa shawarar ya ɓata lokaci. Nan kuwa da sauran magana. Abin da zan yarda da kai, in aka kira ta za a tambaya, kuma mai yiwuwa su ce ƙaramin mataki za su ba ta, ta shirya amsa tun yanzu.

Yaya Sani: To ni dai da jimla ɗaya zan ƙara. Manajoji ba sa son su gano abu da kansu

Maman Ilham: Ni tawa matsalar daban ce, ƙanena shago ya riƙe shekara da shekaru yana son aikin sito a kamfani, ba shi da wasu alƙaluma irin na Malama. Me zai rubuta?

Anti Bilki: Yana da su bai ƙirga ba ne. Kaya kala nawa yake lissafawa, duk kwana nawa yake ƙidaya, dilolin da yake oda a wajensu su nawa. Amma kar ya ƙirƙiro, lambar da ba zai iya bayaninta a intabiyu ba ya bar ta

Malama Hadiza: Excel ɗin fa Anti? Na iya haɗa maki da jera suna amma ban iya PivotTable ba, in saka ko in bari?

Bashir: Saka kawai, kafin su kira kin koya

Anti Bilki: A'a. A sibi ki rubuta abin da kike yi da shi, haɗa sakamakon ɗalibai da fitar da matsakaici, wasu kamfanonin suna ba da gwaji a take. A saƙon kuwa ba sai ya shiga ba

Ɗan'auta: In ta tura aka yi shiru fa?

Maman Ilham: Sati ɗaya ta sake taɓa ta da layi ɗaya, daga nan ta bari. Amma fom ɗin ta cike yau, kar ta zauna jiran amsa har a rufe gurbin

Malama Hadiza: Na tura gajeren yanzu, fom kuma da daddare in sha Allah. Maganar Yaya Sani ta shekara 3 ce har yanzu ban san ko in saka a dogon ba

Kawu Isa: Kin dai gaishe ta ko?