Kwanan watan fasfo ɗin 'yan umara sun cakuɗe min a Excel, a taimaka

Maman Hanan (Jidda): Salam 'yan uwa. Ina haɗa jerin 'yan umara na wani ejan, mutum uku ne ke turo min daga Kano, kowa da yadda yake rubuta ranar ƙarewar fasfo. Wani 03/04/2027, wani 04/25/2027, wani kuma "5 ga Maris 2027". Ya zan mai da su iri ɗaya? kaina ya ɗau zafi wallahi

Ɗan Sharafiyya: Wslm Hajiya ai mai sauƙi ne, ki zaɓi layin gaba ɗaya ki shiga Format Cells, Custom, ki rubuta yyyy-mm-dd shikenan

Malamin lissafi (Madina): Tsarin da ka ba ta shi ne daidai, shekara, wata, rana, shi ake ce wa ISO 8601 kuma ba mai ruɗewa da shi. Amma Format Cells riga kawai yake canja wa, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Hajiya don Allah kar ki taɓa komai sai kin ajiye kwafin fayil ɗin tukuna.

Ga abin da nake zargi. In kwamfutarki a tsarin Amurka take, wata take fara karantawa. Kin zuba 03/04/2027 mai turowa yana nufin 3 ga Afrilu, ita kuma ta ajiye 4 ga Maris ba tare da ta ce miki uffan ba. Amma 25/04/2027 tunda babu wata na 25 sai ta bar shi a rubutu zalla. Ki duba da idonki, waɗanda ta karɓa a matsayin kwanan wata suna jingine da dama, waɗanda ta ƙi suna hagu (in shafin ba na larabci ba ne, shi a juye yake). Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne na daman nan, don kamar lafiyarsu lau.

Ki fara ware su bisa wanda ya turo. Wanda kika ga 25/04 a nasa rana yake farawa da ita, mai 04/25 wata. Na mai farawa da rana kaɗai za ki sa wa wannan a gefe:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Zai juyo da waɗanda suka kife, ya kuma karanta na rubutun, muddin rana da wata lamba bibbiyu ne, 05 ba 5 ba. In kika yi kuskure kika sa shi a kan 04/25/2027 ba zai yi ƙorafi ba, 4 ga Janairu 2029 zai ba ki, don zai ɗauki 25 a matsayin wata ya ci gaba da ƙirga. Shi ya sa nake nanata warewar. Sai bayan nan ki sa rigar yyyy-mm-dd ɗin.

Baba Alhaji (Makka): Ni dai 'yata shawarata kar ki yarda da lissafin kai wajen mai da hijiriyya, kalandar Ummul Ƙura ake bi a nan. 1 ga Muharram 1445 ta zo 19 ga Yuli 2023, wani yaro ya taɓa lissafa min iƙama ya yi kuskuren kwana guda

Maman Hanan: Na gode Baba, amma waɗannan duk miladiyya ne. Malam to na kalmomin fa? kuma akwai mutum ɗaya da ke cakuɗa duka biyun a jerinsa

Malamin lissafi: Excel bai san Maris ba. Ki yi Replace, ki canja " ga Maris " har da tazarar gefe da gefe zuwa "-Mar-", zai koma 5-Mar-2027 ya karɓa in kwamfutar ta turanci ce, haka za ki bi sauran watannin. Mai cakuɗawar kuwa babu dabarar da za ta gaya miki me yake nufi da 03/04, kar ki yi canke. Ki nemi hoton fasfo. Layi biyun nan na ƙasan shafin hoto, a na biyu daga gurbi na 22 zuwa 27 ranar ƙarewa ce, shekara wata rana, 270403 kenan 3 ga Afrilu 2027.

Aunty Bilki: ni abin da ya same ni bara ma daban, na rubuta shekara 31 kawai sai ga 1931, na ɗauka fasfon baiwar Allah ya mutu ashe 2031 ne

Malamin lissafi: Haka yake yi a wasu kwamfutocin Aunty, 00 zuwa 29 yana kai su 2000 da wani abu, 30 zuwa sama 1900 da wani abu. A riƙa cika lamba huɗun.

Ɗan Sharafiyya: Malam ai Text to Columns a zaɓi DMY ya fi wannan doguwar dabarar sauri

Malamin lissafi: Yana yi sosai in duk layin rubutu ne bai riga ya kife ba. Nata rabi ya kife, ni ba zan amince da shi a nan ba.

Maman Hanan: Na ware su, biyu sun gyaru alhamdulillah. Na ukun mutum 14 ne ban gane ba, na ce ya turo hotunan fasfo, har yanzu bai duba saƙon ba