Gwaggona za ta ba gidan tarihi tsofaffin kuɗi da agogunan mijinta, wa ya taɓa yi?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Gwaggona ta fita takaba, ta ce in rubuta mata wasiƙa zuwa gidan adana kayan tarihi. Marigayi ya bar gwangwani biyu cike da anini da kwabo masu huda, da taro da sisi da sule, sai agogunan bango huɗu masu makulli. So take a karɓa kyauta, kada yara su watsar. Me ake sa wa a ciki?

Tsohon Akawu: Allah ya jiƙansa. 'Yata, an raba gado? Mu nan muka yi tuntuɓe da kayan yayana. Matarsa ta rubuta, ta sa hannu ita kaɗai, aka maido mana amsa cewa sai an san mai kayan. Kuma da gaskiyarsu: tunda akwai 'ya'ya, tumuni ne rabonta, sauran na magada ne. Sai da kowa ya sa hannu a takarda ɗaya. Autansu bai balaga ba, aka kimanta rabonsa aka biya. Wata bakwai muka kwashe.

Ɗan Kurmi: Kyauta kuma? Hajiya, ku duba ko akwai dala ta azurfa mai hoton mace. Tawa 1780 aka rubuta, an ce dukiya ce.

Malama Uwani: Azurfa ce kam, amma 1780 shekarar rasuwar Maria Theresa ce, sarauniyar Austriya da hotonta ke jikin dalar, kuma an ci gaba da buga dalar da wannan shekarar har ƙarninmu. Ba shaidar tsufa ba ce.

Maman Hanifa, ni kuskurena wanki. Na dirje kuɗin babanmu da toka da lemun tsami don su yi ƙyalli. Ma'aikacin da ya duba ya girgiza kai, ya nuna min ƙarce-ƙarcen da na yi wa fuskar Sarki George. Kada ki wanke ko ɗaya. Ki jera su, ki ɗauki hoto gaba da baya, ki rubuta shekara da adadi. Kwabo mai huda ba ya wuya, sun tara da yawa. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne ɗan littafin da Baba ke rubuta inda ya samo kowanne. Ki kuma faɗa ƙarara, kyauta ce ko aro, don kyauta ba ta dawowa.

Mai Gyaran Agogo: Kafin a sauke agogo daga bango a cire marilin, wato ƙarfen nan mai lilo, a naɗe shi daban, a ɗaure makulli a jikin agogonsa. An taɓa kawo min ɗaya a Keke Napep da marili a ciki, siririn ƙarfen da ke riƙe shi ya karye.

Maman Hanifa: Na gode. Gado dai ba a raba ba, kuma babban ɗansa ya ce agogon zaure ba ya zuwa ko'ina. Za a karɓi uku, ko sai duka?