Taƙaitawar Muhawara Kan Fassarar Ƙasida Daga Larabci Zuwa Hausa

Bayan doguwar tattaunawar da aka yi kan kwatanta ƙasidar Larabci mai karin ɗawil, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙar Larabci, da fassararta ta Hausa, ga abin da na tattara.

1. An yi ittifaƙi cewa a fara da rera asalin da fassarar a bayyane kafin a duba ma'ana, domin kunne ne yake fara gano inda kari ya karye.

2. Mafi yawa sun lura cewa Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar Larabci, saboda haka kwaikwayon karin mai yiwuwa ne. Matsalar ita ce, abin da Larabci ya dunƙule a kalma ɗaya, wato aiki da mai aikatawa da wanda aka yi wa, Hausa takan buƙaci kalmomi biyu ko uku kafin ta faɗe shi, sai baitin ya zarce ƙafafu huɗun da ke kowane shaɗara, wato rabin baiti.

3. Ra'ayi ya rabu kan ƙafiya. Wasu sun ce a riƙe harafi ɗaya har ƙarshe ko da za a sauya kalma, wasu kuma suka nuna baitin da mai fassara ya sa "ƙauna" a gurbin kalmar da take nufin kewar wanda ya yi nisa, don ƙafiyar "na" kawai. A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi.

4. Kalma mai harshen damo kuwa, kaɗan ne suka yarda a yi mata bayani a ƙasan shafi.