Firjin da na saka a hoton shago ya ƙi zama a ƙasa

Mai tambaya, Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani kwastoma ya turo min hoton cikin shagonsa da hoton firji daban, yana so in haɗa masa su na talla. Na yanke firjin tsaf na ɗora a Photoshop, amma kamar yana shawagi a iska, kuma ya karkata kamar zai faɗo. Na ƙara girma, na rage, duk a banza. Ina matsalar take?

Wani daga Mile 12: Wa alaikumus salam. Inuwa ce ba ka sa ba, ɗan uwa. Shafa baƙi kaɗan a gindinsa, shi ke nan.

Mai tambaya: Na sa wallahi. Da inuwar ma yana nan a karkace.

Wata 'yar uwa, Idi-Araba: Danna `Ctrl+T`, ka riƙe `Ctrl` ka ja kusurwoyin har ya bi bango. Haka nake yi wa allunan talla.

Mai ɗaukar hoto, Obalende: Hajiya, maganarki daidai ce ga abu shimfiɗaɗɗe irin allo, mai fuska ɗaya. Firji kuwa yana da gaba da gefe, in ya ja gaban ya daidaita sai gefen ya lalace.

Ƙanena, ajiye firjin tukuna, ka fara da shagon. Buɗe sabuwar leya, ka ja jan layi a kan layukan tayil biyu da suke shiga ciki, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, ka ci gaba da ja har su haɗu. Ƙara da layin kanta ko na silin, za ka ga duk wuri ɗaya suke nufa. Daga wannan mahaɗar ka ja layi a kwance. Wannan shi ne tsayin da aka riƙe wayar lokacin ɗauka. Duk abin da ke ƙasa da layin nan ana ganin samansa, wanda ya wuce shi ba a gani.

Girman ma daga nan yake fitowa, ba da ido ake yinsa ba. A ce an riƙe wayar a tsayin santimita 150, firjin kuma 180 ne. Zaɓi inda gindinsa zai tsaya, ka auna daga nan zuwa layin. In ka samu fiksel 500, to 500 ɗin nan shi ne santimita 150 a daidai wannan wurin. Firjin zai zama 500 sau 180, a raba da 150, wato fiksel 600. Ɗari biyar a ƙasan layi, ɗari a sama. In ka tura shi can ciki inda tazarar ta zama 300, tsayinsa ya koma 360. Kowane wuri da awonsa, shi ya sa ƙarawa da ragewar da kake yi ba ta kai ka ko'ina ba.

Amma faɗa min, a hoton firjin ana ganin samansa?

Mai tambaya: Eh Baba, ana gani sosai, har da ƙurar da ke kai. Da alama a kan benci aka tsaya aka ɗauka.

Mai ɗaukar hoto: To ga ciwon nan. Firjin ya fi layin idon shagon tsayi, bai kamata a ga samansa ba ko kaɗan. Ido na ganin shago daga tsayin mutum, yana ganin firji daga sama, shi ne yake ce maka zai faɗo. `Edit > Perspective Warp` yana gyara ɗan bambanci: ka zana gida ɗaya a gaba, ɗaya a gefe, ka haɗa su, sannan ka ja har layukan gefen su nufi mahaɗar nan taka. Amma wannan ya yi nisa, hannun ƙofar da tambarin za su miƙe su yi muni. Ni dai shawarata a sake ɗauka, waya a tsaye a tsayin 150, firjin yana fuskantar yadda zai tsaya a shagon. Minti biyar ne.

Wani daga Alaba Rago: Ni lissafin nan ya taɓa ba ni kunya. Mota na saka a titi mai gangara, ta fito ƙatuwa kamar tirela.

Mai ɗaukar hoto: Dole. Sai ƙasa tana a baje yake aiki, kuma wayar ba a ɗaga ta sama ko a sunkuyar ba. In ka ga bangaye suna matsewa ta sama, an ɗaga ta. Hoton da aka ɗauka da `0.5x` ma abin da ke bakin hoto yakan ja ya yi faɗi.

'Yar uwar Idi-Araba: Baba, ni ban yarda sai an sake ɗauka ba. Ya goge saman, ya gyara sauran, a waya wa zai lura?

Mai tambaya: Matsalar ita ce firjin yana sito a Ojo, kwastoman kuma gobe yake so. Na ja layukan yanzu, sun haɗu a kan kanta ta uku. Sai dai ban san tsayin da aka riƙe wayar ba.

Mai ɗaukar hoto: Ka ce ya ɗauki tef ya auna daga ƙasa zuwa kantar ta uku, abin da ya samu shi ne tsayin. Ya auna maka tayil ɗaya ma. In 60 ne kuma faɗin firjin 60, gindinsa ya cika tayil ɗaya cif a inda ka ajiye shi. Turo mana mu gani kafin ka taɓa inuwa.