An zare wa tallata haƙora

Sadi Mai Jingil: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Wani asibiti mai zaman kansa ya ba ni aikin tallar rediyo ta daƙiƙa 30, za su yi awon hawan jini kyauta daga Litinin zuwa Asabar. Na rubuta: "Hawan jini zai ɗauke ka cikin dare, 'ya'yanka su wayi gari marayu. Garzayo ka auna kafin ajali ya riske ka!" Likitarsu ta ja layi a kan rabin rubutun, wai tsoratarwa ta yi yawa. Ni dai na san mutanenmu, in ba a girgiza su ba ba sa motsi. An zare wa tallar haƙora, kuma gobe in ba a zo ba ni za a zarga.

Malam Habu Gwale: Sadi, ka ji tsoron Allah. "Kafin ajali ya riske ka"? Awo ne zai riga ajali? Ajali idan ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda. Wannan kalmar kaɗai ta isa a soke tallar.

Ɗan Baba: Allah gafarta Malam, ai salon magana ne. Kowa yana cewa ka tuba kafin ajali, ba wanda ya ce tuba na hana mutuwa.

Malam Habu Gwale: Tuba daban, na'urar awo daban. Wancan shirin tafiya ne, wannan kuwa ana nuna wa mutum kamar zai kauce wa tafiyar.

Maman Hanif: To Malam, kenan kada mu je asibiti? An umarce mu da neman magani fa.

Malam Habu Gwale: Hajiya, ban faɗi haka ba, kada ki sa mini magana a baki. A nemi magani, amma a bar ajali a wurin Mai shi.

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya dame ni ba ajali ba ne, kalmar "zai" ce. "Zai ɗauke ka cikin dare" ba gaskiya ba ce. Mutane da yawa suna shekaru da hawan jini, suna shan maganinsu, suna harkokinsu. Gaskiyar da ta fi wannan nauyi ita ce sau da yawa ba ya nuna wata alama. Mutum yana jin kansa garau alhali jininsa ya haura 140/90, yana yi wa zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa illa a hankali, har ranar da ɓarin jiki ya shanye. Wannan ita ce gaggawar, ba sai an ƙara mata gishiri ba.

Sannan Sadi, ka yi tunanin wanda zai ji tallar. Magidanci yana tsakar gida da iyalinsa, rediyo na cewa 'ya'yansa za su zama marayu. Ba asibiti zai nufa ba, tasha zai canja. Ina ganinsu a layi, wani har ya miƙo hannu sai ya janye ya ce gara kada ya sani. Idan ka cika wa mutum zuciya da fargaba ba ka nuna masa ƙofar fita mai sauƙi ba, labarin zai guje wa, ba cutar ba.

Ɗan Baba: Sista, to me ya sa kwalin taba ke ɗauke da hotuna masu tayar da hankali? Gwamnati ma ta san tsoro yana aiki.

Sista Rabi: Yana aiki, ƙanena, ban musa ba. Amma mai shan taba ya san yana sha, kuma ya san abin da ake so ya bari. Mai hawan jini bai ma san yana da shi ba, so ake ya tako da ƙafarsa ya ji labarin da yake gudu. Ka tuna lokacin da ake kiran ƙanjamau "kabari kusa". Wa ke son zuwa gwaji a ce masa kabarinsa ya matso? Sai da mutane suka ga akwai magani, ana sha ana rayuwa, sannan zuwa gwaji ya yi sauƙi.

Alhaji Tanko Direba: Assalamu alaikum. Ni kaina na ciwo ta ƙeya kusan kullum da yamma. Nawa ne maganin da kuke tallar, kuma a ina ake samu?

Sista Rabi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba magani ake sayarwa ba, awo ne. Ka je asibiti mafi kusa a auna ka, kada ka sayi komai a kyamis kafin nan. In ciwon kan ya tsananta, ko ka ji ciwon ƙirji, ko ganinka ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, kada ka jira gobe.

Auwalu Fagge: Ku 'yan asibiti ku kuka bar wa masu maganin gargajiya fili. Suna cika rediyo da "sanyi zai kashe maka aure", mutane na tururuwa, ku kuna lallashi.

Maman Hanif: Kada a yi musu kuɗin goro. Kakata da sassaƙe ta raine mu.

Auwalu Fagge: Hajiya, ba kakarki nake nufi ba, masu lasifika a bakin kasuwa nake nufi.

Malam Habu Gwale: Su ma ɗin ba sa taɓa maganar ajali.

Baban Ummi: Na daɗe a sashen talla na gidan rediyo, bari in sa baki. Sadi, tun dokar 2022 hukumar ARCON ce ke kula da talla a Najeriya, kuma ƙa'ida ita ce a tantance talla kafin a sa ta a iska. Jimlar da ke yanke wa mai sauraro hukuncin mutuwa irin wadda ake dawo da ita ce. Likitar ta rage maka wahala. Ga yadda zan gina ta:

"Hawan jini ba ya sallama. Za ka iya jin lafiya lau alhali yana yi wa zuciyarka da ƙodarka illa. Awo ne kaɗai ke nuna shi, ba allura, ba zafi, 'yan mintuna ne. Idan an gano shi, akwai maganin da ke saukar da shi. Awo kyauta ne daga Litinin zuwa Asabar, bayan Asabar sai an biya."

Ka ga haɗarin yana nan, ban ɓoye shi ba, amma jimla biyu na ba shi, sauran duk na ba wa abin da mutum zai yi. Gaggawar kuma daga ranar Asabar ta fito, wadda gaskiya ce. In ba za a rufe ranar Asabar ba, kada ka ce za a rufe, domin ranar da suka gane ba za su sake yarda da kai ba.

Sista Rabi: Ta yi kyau, Yaya. Sai dai kada a ƙara cewa "nan take za ka san matsayinka". Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Mutum zai zauna ya huta kamar minti 5 kafin a ɗaura masa, in ya fito sama kuma sai an sake aunawa wata rana daban.

Sadi Mai Jingil: Baba, ba a ambaci shanyewar ɓarin jiki ba ko sau ɗaya. Shi mutane suka sani, kowace unguwa akwai mai jan ƙafa.

Baban Ummi: Sa shi, amma da "yana iya jawo", ba da "zai" ba.

Malam Habu Gwale: A matsayina na wanda ya fara amsawa, ga inda aka tsaya: kowa ya yarda kalmar ajali ce matsalar tallar, an cire ta, magana ta ƙare. Sauran zancen taba da masu magani duk ƙari ne.

Ɗan Baba: Ni ban yarda ba, Malam, kuma Sista ma cewa ta yi "zai" ce matsalarta.

Sadi Mai Jingil: Zan naɗi murya biyu, ta Baban Ummi da tawa mai marayu ba ajali, in kai wa likitar ta zaɓa. Sista, "yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki" zai shiga daƙiƙa 30 ko in cire ƙoda?

Sista Rabi: Bar ƙoda a ciki. Karanta da agogo a hannu, in ta yi tsawo ka cire "ba zafi".