Jama'a me za mu kira kobad kol da Hausa?

Sani Agege: Assalamu alaikum. Ina shirya ɗan bayani wa 'yan ƙungiyarmu da ke sayen hannun jarin Amurka ta waya, na zo kan kobad kol na tsaya cak. Abin dai shi ne kana da hannun jari 100 naka na kanka, sai wani ya biya ka kuɗi yanzu a kan cewa daga yau zuwa rana kaza in ya ga dama zai karɓe su a farashi kaza, kai kuma ba ka da ikon ƙi. Wani ya ce min "kira mai rufi" amma wallahi ko ni da na san abin ban gane shi a wannan sunan ba. A taimaka.

Bashir Obalende: Wa alaikumus salam, ai mai sauƙi ne Malam Sani, hayar hannun jari. Kayanka na nan, duk wata kana karɓar kuɗi a kai, ni haka na daɗe ina kiransa.

Hajiya Rabi Idi Araba: Bashir ƙanena rabin maganar ka faɗa, kuma rabin da ka bari shi ne yake sa mutane kuka. Wanda ya ba da haya kayansa na dawo masa. Nan kuwa ranar da kayan suka yi tsada sosai ita ce ranar da za a ɗauke su. Bari in saka lissafi don a ga abin da ido.

A ce hannun jarin yau dala 50 ne, kana da 100, wato kwantiragi ɗaya ke nan a kasuwar Amurka. Ka sayar da kol, wato haƙƙin karɓar kayanka, na wata ɗaya a farashin yanka, wato farashin da kuka tsayar, dala 55, aka ba ka dala 1.20 kan kowane ɗaya, dala 120 ta shigo asusunka nan take kuma taka ce ko me ya faru. To daga wannan lokacin iyakar abin da za ka iya samu kan kowane hannun jari 56.20 ne, wato 55 ɗin da 1.20 ɗin. Ribarka daga farashin yau ba za ta wuce dala 620 ba ko da kamfanin ya ninka.

In wa'adi ya cika yana 53, babu mai karɓa a 55 abin da zai samu a kasuwa 53, kayanka na nan ga 120 a sama, wannan shi ne watan da Bashir ke gani. In ya kai 56 za a karɓe, amma har yanzu ka fi wanda bai sayar da kol ba da santi 20 kan kowane ɗaya. In kuwa labari mai daɗi ya fito ya tashi 70, wanda ya riƙe nasa kawai yana da dala 7,000, kai kana da 5,620. Dala 1,380 ka bari a kan 120 da ka karɓa. Lissafin kullum ɗaya ne, ka ɗauki farashin ranar ƙarshe ka cire farashin yanka ka cire abin da aka biya ka, sai ka ninka da 100. Kuma abin da nake so a lura, abin da ka karɓa an san adadinsa tun ranar farko, abin da ka bari kuwa ba shi da iyaka. Don haka duk sunan da za mu zaɓa sai ya nuna cewa an sayar da wani abu.

Alhaji Ɗanlami Alaba Rago: Ni fa ban yi boko ba amma wannan ai kafin alƙalami ne. Mutum ya zo saura wata guda Sallah ya ga rago, mu yanka farashi ya ba da wani abu ya ce ajiye min, ko kasuwa ta yi wuta ba ni da bakin ƙara masa.

Hajiya Rabi Idi Araba: Alhaji kun kusa fiye da kowa. Bambancin shi ne kafin alƙalami yana cikin kuɗin ragon, ranar ɗauka cikon kawai za a ba ku. Nan 1.20 ɗin daban take, mai saye zai biya 55 cif a kanta. Sannan shi wanda ya saya zai iya sayar wa wani haƙƙin gobe, ba ku ma san wa zai zo ɗauka ba. Amma "kuɗin ajiye min" ɗin nan ya yi min daɗi a matsayin sunan firimiyom, wato 1.20 ɗin da aka biya.

Bashir Obalende: To na yarda ba haya ba ce, amma dai kariya ce in kasuwa ta faɗi ko, tunda an ce rufi

Hajiya Rabi Idi Araba: Rufin ba kai ya rufa ba. Ma'anarsa kayan da ka yi alƙawari suna hannunka, ba sai ka je kasuwa ka sayo da tsada ba ranar da aka zo karɓa. In ya faɗo daga 50 zuwa 40 ka yi asarar dala 1,000, 120 ta rage maka ta koma 880, shi ke nan kariyar. Kuma dillalinka ba zai bar ka ka sayar da kayan ba matuƙar kol ɗin na buɗe, sai ka fara sayo shi ka rufe. In faɗuwa aka yi sayowar da arha, in tashi aka yi ne ake jin jiki, misali ya kai 62 a tsakiyar wata, kol ɗin da ka sayar 1.20 ba za ka same shi ƙasa da dala 7 ba.

Ummi Agege: Don Allah tambaya, ina da hannun jarin banki da na saya nan Legas tun tuni suna zaune kawai, a wane wuri zan danna in fara karɓar wannan kuɗin?

Sani Agege: Ummi ba a yinsa da na nan tukuna. NGX, kasuwar hannun jarin Najeriya, a 2022 kwantiragin sayen gaba suka fara a kan ma'auni irin NGX 30, shi kuma wani abu ne daban. Wanda muke magana na kasuwar Amurka ne, can ma sai dillali ya buɗe miki izinin cinikin zaɓi, wato irin su kol ɗin nan, sannan sai hannun jarin sun cika 100 na kamfani ɗaya, mai 30 ko 40 ba zai iya ba.

Malam Habu Idi Araba: Kafin a raɗa suna a duba hukunci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta ce kwantiragin zaɓi yadda ake yinsa a kasuwannin nan bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne ba kuma amfani ba. Shi ya sa ban so a kira shi kafin alƙalami, mutane za su ɗauka hukuncinsu ɗaya, alhali kafin alƙalami, wato arbun, akwai malaman da suka halatta, Hanbaliyya musamman.

Sani Agege: Na gode Malam, zan sa wannan a farkon bayanin kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na tattara zuwa yanzu, firimiyom kuɗin ajiye min, sitaraik farashin yanka. Shi kansa abin ina tsakanin "sayar da tashi" da "alƙawarin sayarwa, kaya a hannu".

Hajiya Rabi Idi Araba: Ni sayar da tashi, don yana faɗa wa mutum abin da ya fita hannunsa. Sai dai a ƙara cewa ba duk tashin ba, daga 50 zuwa 56.20 naka ne, na sama da haka ka sayar. Ka kuma rubuta cewa a Amurka ana iya karɓe kayan kafin wa'adi, yawanci dab da ranar da ake yanke masu cin rabon riba in farashi ya riga ya wuce na yanka, sai rabon ma ya tafi tare da su.

Bashir Obalende: Sayar da tashi bai nuna kayan na hannunka ba fa Hajiya, wanda ba shi da ko ɗaya ma zai iya sayar da kol, shi kuma me za mu ce masa? Ni na biyun na fi so ko da ya yi tsawo.

Sani Agege: Gaskiyarka Bashir. Bari in gwada duka biyun a kan mutanenmu ranar Asabar in ga wanda suka fi saurin kamawa, mai wani sunan ya ajiye shi nan kafin lokacin.